An rage maka kashi 20 na albashi a Saudiyya: yadda za ka lissafa ƙarin da zai mayar da kai inda kake

'Yan'uwa masu aiki a kamfanoni a Jidda da Makka da Madina da Riyad sun yi ta aiko tambaya iri ɗaya. Kamfani ya ce kasuwa ta ja baya, za a rage wa kowa kashi 20 cikin ɗari na wasu watanni, idan al'amura sun daidaita a ƙara kashi 20. Lokacin ƙarin ya zo, an kuma ƙara kamar yadda aka faɗa, amma abin da ya shigo banki bai kai na da ba. Shin kuskuren akawu ne, ko kuwa cuta ce?

Amsar a taƙaice ita ce: wanda aka rage wa kashi 20, sai an ƙara masa kashi 25 kafin ya koma tsohon albashinsa. Ƙarin kashi 20 yana barin sa a kashi 96 na abin da yake karɓa a da. Ga yadda za ka bi lissafin da kanka daki-daki, da wuraren da ake yin tuntuɓe. Zan ɗauki misalin ma'aikacin sito a Jidda mai karɓar riyal 4,000 a wata, mu bi shi har ƙarshe. Kai kuma sai ka riƙa sa naka adadin a gurbin nasa.

1. Tara takardunka kafin ka taɓa kalkuleta

Abu huɗu kake buƙata: kwantiraginka kamar yadda yake a Qiwa, wato shafin gwamnati da ake rajistar kwantiragin aiki, takardar albashin watan ƙarshe kafin ragi, bayanin asusunka na banki na wata uku da suka wuce, da sanarwar ragin da kamfani ya fitar. Duk ana samun su a waya. Ka shiga Qiwa ta Nafath, manhajar gwamnati mai tantance cewa kai ne, ka sauke kwantiragin ka ajiye a wurin da ba zai ɓata ba. Idan sanarwar a allon ofis aka liƙa ta, ɗauki hotonta yadda kwanan wata da hatimi za su fito sarai.

Gargaɗi: ka sauke tsohon kwantiragin yanzu, kafin ka amince da kowane sabo. Shi ne shedarka cewa 4,000 kake karɓa. Kuma kada ka dogara da abin da mudir ya faɗa da baki a wurin taro, ko da mutumin kirki ne. Ana canza mudir, sabon kuwa takarda zai duba.

2. Gano ainihin abin da aka rage

Albashi a nan ba dunƙule yake ba. Akwai albashin asali, wanda a takarda za ka ga an rubuta ratib asasi, sai kuɗin gida wato badal sakan, sai kuɗin mota. Mutumin namu yana da asali 3,000, kuɗin gida 750, kuɗin mota 250. Jimla 4,000.

Idan sanarwa ta ce an rage kashi 20, tambayar farko ita ce: na me? In na jimla ne, riyal 800 suka tafi, saura 3,200. In na asali ne kaɗai, 600 suka tafi, saura 3,400. Akwai kuma hali na uku da mutane ba su cika lura da shi ba. Kamfanoni da yawa suna rubuta kuɗin gida a matsayin rubu'in asali, ba adadi tsayayye ba. A irin wannan kwantiragi, da zarar asali ya sauko daga 3,000 zuwa 2,400, kuɗin gida zai bi shi daga 750 zuwa 600 ba tare da an ambace shi a sanarwa ba. Ragin da aka ce na asali ne kaɗai sai ya zama 750, abin da zai shigo hannu kuma 3,250.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ajiye takardar albashi ta kafin ragi da ta bayan ragi gefe da gefe, ka bi layi-layi, ka rubuta nawa kowane layi ya ragu. Daga nan zuwa ƙasa za mu ɗauka cewa a jimla aka rage, wato 4,000 ta koma 3,200.

3. Fitar da kason da zai mayar da kai

Nan ne zuciyar maganar, don haka bari mu tafi a hankali.

Ɗauki takardun riyal ɗari-ɗari guda biyar ka jera a tabarma. Janye ɗaya. Ka janye ɗaya cikin biyar, wato kashi 20. Yanzu dubi abin da ya rage: huɗu ne. Wannan takarda ɗaya da za ka mayar, idan ka auna ta da huɗun da ke gabanka, ɗaya cikin huɗu ce, wato kashi 25. Takardar ba ta canza ba. Abin da ake auna ta da shi ne ya ƙanƙance. An yi ragi a kan babban albashi, ƙari kuwa a kan ƙaramin albashi ake yin sa, shi ya sa dole kason ƙari ya fi na ragi.

A kalkuletar waya, raba abin da aka cire da abin da ya rage, ka ninka da ɗari:

```
800 ÷ 3200 × 100 = 25
```

Sai ka gwada amsar ta ɗaya ɓangaren, ka kuma gwada abin da kashi 20 zai ba ka:

```
3200 × 1.25 = 4000
3200 × 1.20 = 3840
```

Ka ga bambancin. Kashi 20 na 3,200 riyal 640 ne, ba 800 ba. Riyal 160 sun maƙale a kowane wata. Wani zai ce ai 160 ba ta taka kara ta karya ba. To, a shekara 1,920 ce, kusan rabin albashin wata guda. Kuma ba giɓin wata ɗaya ba ne, domin duk wani ƙarin shekara da za a yi maka nan gaba a kan 3,840 za a ɗora shi. Mai iyali a ƙarƙashin iƙamarsa, wanda ke biyan riyal 400 a wata a kan kowane mutum ɗaya, ya san abin da 160 take toshewa.

Idan ragin naka ba kashi 20 ba ne, ƙa'idar ɗaya ce. Raba kason ragi da abin da ya rage cikin ɗari:

```
ragi ÷ (100 − ragi) × 100
```

Ragin kashi 10 yana buƙatar ƙarin 11.11. Na 15 yana buƙatar 17.65. Na 25 yana buƙatar 33.33, na 30 kuma 42.86. Ka lura yadda tazarar ke buɗewa yayin da ragi ke girma. A shekarar 2020, lokacin korona, Ma'aikatar Ƙwadago ta Saudiyya ta ba kamfanoni dama su rage albashi gwargwadon rage sa'o'in aiki, muddin ragin bai wuce kashi 40 ba, kafin a janye damar a farkon 2021. Wanda aka rage wa kashi 40 ɗin cif, sai ƙarin kashi 66.67 zai mayar da shi. Wanda aka raba wa albashi biyu kuwa, sai an ninka masa, kashi 100.

Gargaɗi ga wanda bai saba da lambobin Larabci ba: sifili a rubutunsu ɗigo ne, biyar kuma da'ira ce mai kama da sifilinmu. Ashirin ita ce ٢٠, ashirin da biyar ita ce ٢٥. Idan ka ga biyu da ɗigo a gefenta, kashi 20 aka rubuta maka. Wanda kake nema shi ne mai da'ira. Ka kawo takardar kusa da ido ka duba, musamman idan hoto ne aka turo a waya.

4. Nemi a rubuta adadi, ba kaso ba

A ganina wannan mataki ya fi duk sauran amfani, domin idan ka same shi, ba ka da sauran gardama da kowa. Kafin ka sa hannu a yarjejeniyar ragi, nemi a rubuta abu uku a cikinta: ranar da ragin zai fara, ranar da zai ƙare, da adadin kuɗin da albashi zai koma. Jimla irin wannan ta wadatar: daga ɗaya ga watan kaza, albashi zai koma riyal 4,000, asali 3,000, kuɗin gida 750, kuɗin mota 250. Da zarar an rubuta haka, ko sun kira ƙarin kashi 20 ko 25, ba ruwanka.

Kalmomin da ya kamata su sa ka dakata su ne irin su "har sai al'amura sun daidaita" da "za a ƙara daidai da abin da aka rage". Na farko ba shi da rana, kuma kamfani ne zai yanke ranar da al'amura suka daidaita. Na biyu yana da fuska biyu: kai ka fahimci riyal 800, akawu ya fahimci kashi 20. Idan sun nace sai kaso za su rubuta, akwai hanya biyu masu kyau. Ko dai a ce kashi 25 na albashin da aka rage, ko a ce kashi 20 na tsohon albashi. Dukansu 800 suke bayarwa. Abin gudu shi ne kaso tsirara wanda ba a faɗi na me ba.

Ka kuma tabbatar ƙarin ya shafi duk layukan da ragin ya shafa. Mu ce an rage kashi 20 a ko'ina: asali ya koma 2,400, gida 600, mota 200. Sai aka zo aka ƙara kashi 25, amma a asali kaɗai. Asali ya koma 3,000, gida da mota suna nan a 600 da 200. Jimla 3,800. An ba ka kaso daidai a wuri ɗaya, amma kana ƙasa da riyal 200, giɓin da ya ma fi na wancan kuskuren girma.

Gargaɗi: albashi sharaɗi ne na kwantiragi, kuma kamfani ba ya canza shi shi kaɗai ba da yardarka ba. Idan aka turo maka sabon kwantiragi a Qiwa, danna maɓallin amincewa daidai yake da sa hannu. Karanta adadin da ke ciki tukuna. Idan 3,200 aka rubuta babu ranar ƙarewa, babu wata takarda ta daban da ta ce na ɗan lokaci ne, to a idon hukuma wannan ne albashinka daga ranar. Kuma kada ka ba wani wayarka ko lambar sirrin da ta shigo maka ya danna a madadinka, ko da wakilin kamfani ne.

5. Bambanta dawo da albashi da biyan abin da ya wuce

Mutane da yawa suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Ƙarin kashi 25 yana tsayar da asara ne kawai daga ranar da ya fara. Ba ya dawo maka da abin da aka cire a watannin baya. Idan ragin ya yi wata shida, mutumin namu ya rasa 800 sau shida, wato riyal 4,800.

Ko za a biya shi wannan kuɗi, ya danganta da abin da takarda ta ce. Idan ta ce tahfid, ragi ne, kuɗin ya tafi. Idan ta ce ta'ajil, jinkiri ne, kuɗin bashi ne a wuyan kamfani, sai ka nemi a rubuta lokacin biya. Ka tambaya kai tsaye tun farko: wannan kuɗi za a dawo mana da shi ko kuwa? Amsar da aka ba ka, ta shiga takarda.

In an yarda za a biya a hankali cikin wata goma sha biyu, 4,800 a raba gida goma sha biyu 400 ce. Abin da zai riƙa shigo maka a wannan shekarar 4,400 ne, wato 1,200 a kan 3,200, ƙarin kashi 37.5 ke nan. Amma ya fi kyau a rubuta 400 ɗin a layinta daban a takardar albashi, don kada daga baya a ce ai ƙarin shekararka ce.

Maganar ƙarin shekara ma ta zo. Idan kwantiraginka ya tanadi ƙarin kashi 5, kuma lokacinsa ya faɗo a tsakiyar watannin ragi, inda ya kamata ka koma shi ne 4,200. Tsakanin 3,200 da 4,200 akwai 1,000, wato kashi 31.25.

6. Idan za a dawo da shi kashi-kashi

Wasu kamfanoni ba sa iya mayarwa lokaci ɗaya, sai su ce kashi 10 yanzu, saura bayan wata uku. Babu laifi a wannan, amma kada ka riƙa tara kaso da kaso kamar kuɗi. Kowane ƙari a kan sabon adadi yake hawa. Kashi 10 a kan 3,200 ya kai ka 3,520. Wani kashi 10 a kan 3,520 ya kai ka 3,872, saura 128 ka isa. Abin da ya dace a zango na biyu shi ne ka sake lissafi daga inda kake tsaye:

```
(4000 − 3520) ÷ 3520 × 100 = 13.64
```

Bayan kowane zango, cire abin da kake karɓa yanzu daga 4,000, ka raba da abin da kake karɓa yanzu, ka ninka da ɗari. Ko kuma, wanda ya fi sauƙi, a rubuta adadin kowane zango da ranarsa.

7. Duba kuɗin sallama kafin ka yanke shawarar tafiya

Wannan ne wurin da ƙaramin giɓi yake zama babba, kuma ya fi damuna saboda dattawanmu da suka daɗe a kamfani ɗaya. Dokar ƙwadago ta Saudiyya, a sashe na 84, ta ce kuɗin ƙarshen aiki, wanda ake kira mukafa'a, rabin albashin wata ne a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sai cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka. Kuma da albashin ƙarshe ake lissafi, ba da wanda ka shafe shekaru kana karɓa ba.

Mu ce mutumin namu ya yi shekara takwas. Biyar na farko sun ba shi wata biyu da rabi, ukun da suka biyo baya sun ba shi wata uku, jimla wata biyar da rabi. A kan 4,000, mukafa'arsa 22,000 ce. A kan 3,840, ta koma 21,120, ya rasa 880. Idan kuwa aikin ya ƙare a tsakiyar ragi aka lissafa da 3,200, zai tashi da 17,600. Riyal 4,400 sun tafi saboda ragin da aka ce na wata shida ne.

Saboda haka ka nemi a ƙara layi ɗaya a yarjejeniyar: idan aiki ya ƙare a lokacin ragi, za a lissafa mukafa'a da kuɗin hutun da ba a ci ba a kan tsohon albashi. Kamfanin da da gaske yake cewa ragin na ɗan lokaci ne ba shi da dalilin ƙin wannan layi.

Gargaɗi: kada ɓacin rai ya sa ka ajiye aiki a tsakiyar ragi ba ka yi lissafi ba. Sashe na 85 ya ce wanda ya ajiye aiki da kansa yana samun sulusin mukafa'a idan ya yi shekara biyu zuwa biyar, kashi biyu cikin uku idan ya wuce biyar bai kai goma ba, cikakkiya idan ya kai goma. Mai shekara takwas da ya ajiye aiki a kan 3,200 zai karɓi kashi biyu cikin uku na 17,600, kusan 11,733. Kuma kada ka sa hannu a takardar da ta ce ka karɓi duk haƙƙoƙinka sai ka ga kuɗin a asusunka.

Direban gida da mai aikin gida su lura: lissafin kashi 20 da 25 ya shafe ku kamar kowa, amma ku ƙa'idarku daban ce, kwantiraginku ta Musaned yake bi, wato shafin ma'aikatan gida, kuma kuɗin sallamarku ba da waɗannan sassa biyu ake fitar da shi ba.

8. Ranar da aka ce an dawo da shi

Saƙon banki ya shigo. Kada ka tsaya a jimla kawai. Karɓi takardar albashi ka bi layi uku: asali, gida, mota. Ka cire kuɗin ƙarin lokaci daga lissafin, domin watan da ka yi aikin dare da yawa jimla na iya wuce 4,000 alhali asalinka yana ƙasa. Sannan ka duba Qiwa da GOSI, wato hukumar inshorar ma'aikata, ka ga ko adadin da ke rubuce a can ma ya koma yadda yake. Kuɗi na iya dawowa a banki, rajista kuma ta zauna a kan ƙaramin adadi, ita ce kuwa za a buɗe ranar da rigima ta tashi.

Alamar da ke nuna an yi maka ƙarin kashi 20 ita ce: raba sabon albashi da tsoho. Idan ka ga 0.96, shi ke nan. Idan daidai aka yi, 1 za ka gani.

9. Yadda za ka kai maganar

Fara da akawu ko ofishin ma'aikata, cikin ladabi, da takarda ɗaya mai layi uku: tsohon albashi 4,000, bayan ragi 3,200, bayan ƙari 3,840, saura 160. Sau da yawa ba mugunta ba ce, wani ne ya shigar da 20 a na'ura yana zaton ya gama. Idan ku da yawa ne abin ya shafa, ku tafi da lissafin kowa a rubuce, mutum biyu su yi magana a madadin saura. Bayan ganawar, tura saƙo a rubuce mai maimaita abin da aka tattauna da kwanan wata, ka ajiye kwafi.

Idan wata ya zagayo ba a gyara ba, kira Ma'aikatar Ƙwadago a 19911 ka nemi bayani, sannan ka shigar da ƙorafi a sashen sulhu, wanda ake kira taswiya wuddiyya, ta shafin ma'aikatar. Ba a biyan kuɗi. Suna da kwana 21 na aiki su sasanta ku, in bai yiwu ba a miƙa maganar kotun ƙwadago, inda nan ma ma'aikaci mai neman haƙƙin kwantiraginsa ba ya biyan kuɗin shari'a. Abin da zai iya cin kuɗinka shi ne mai rubuta maka ƙorafi da Larabci ko lauya, don haka ka yi ciniki da shi tun kafin ya fara.

Gargaɗi: kada ka daina zuwa aiki don nuna fushi, domin rashin zuwa ba izini yana ba kamfani hujja a kanka. Wanda kuma ya riga ya bar kamfanin, kada ya bari wata goma sha biyu su wuce daga ranar da aiki ya ƙare bai shigar da ƙara ba, kuma ya fi masa sauƙi ya fara tun kafin a buga masa bizar fita ta ƙarshe.